Cike gurbi: kafin ka zaɓa, tambayi gurbin me yake nema

Ka taɓa zama gaban kwamfuta a jarrabawar JAMB, ka ga duk zaɓin da aka ba ka kamar daidai ne? A nan maki ke zubewa. Sirrin shi ne, kowane gurbi abu ɗaya yake gwadawa cikin uku: nahawu, ma'ana, ko kalmomin da suka saba tafiya tare. Zaɓin da ke gabanka ne zai tona maka.

Bari mu gwada da Hausa: "Damina ___ yi kyau bana, don haka hatsi ya yi ___, hankalin magidanta ya ___."

Gurbi na farko an ba ka ya, ta, sun. Aikinsu ɗaya, jinsi da adadi ne suka raba su, to nahawu ke nan. Damina mace ce, sai "ta".

Na biyu: araha, tsada, nauyi. Duk sun zauna a jimlar, amma ma'anarsu ta sha bamban. Koma baya, "don haka" ta nuna sakamakon damina mai kyau ake nema. Araha ke nan.

Na uku ne tarkon: zauna, kwanta, kishingiɗa. Ma'anarsu ta yi kusa, nahawu kuma bai kori ko ɗaya ba. Amma a bakin Bahaushe hankali kwanciya yake yi.

A Turanci kunnenka ba lallai ya cece ka a irin wannan ba. Saboda haka in ka tsinci sabuwar kalma, haddace ta tare da abokiyar tafiyarta.