Katin da Otal Ke Ba Baƙo a Alƙahira: Yadda Ake Amfani da Shi

Duk wanda ya sauka a otal mai tsari a Alƙahira zai tarar da wani ɗan kati, ko a kan teburin ɗaki ko a hannun mai karɓar baƙi. Mutanenmu da ke zuwa Masar jinya, karatu ko saro kaya sukan jefa shi cikin aljihun tebur har ranar tafiya, alhali an yi shi ne don sa'ar da baƙo ya fita shi kaɗai, ba ya jin Larabcin titi, waya kuma ta mutu. Ban da adireshin otal, abubuwa huɗu yake ɗauke da su: hanyoyin sufuri, matakan kiyaye kai, lambobin gaggawa da al'adar tukwici. Amma ba duka ake amincewa da su daidai wa daida ba. Wasu bayanan sukan shekara goma ba su motsa ba, wasu kuwa wata shida ya isa su tsufa.

Abu mafi daraja a katin shi ne sunan otal da adireshinsa da Larabci. Direban tasi da yawa ba ya karanta boko, kuma yadda Bahaushe ke furta sunan titi ba lallai ya yi daidai da kunnen Bamisire ba. Miƙa masa katin ya fi dogon bayani. Kati mai kyau yakan ƙara da alamar da kowa ya sani a kusa, kamar masallaci, dandali ko tashar jirgi, domin da irin waɗannan direbobin ke gane wuri fiye da lambar gida.

A ɗauki mutumin da ya kawo mahaifiyarsa asibiti, suka sauka a unguwar Dokki. Katin zai nuna masa hanyoyi uku. Na farko farar tasi mai mita. Ƙa'idarta ɗaya ce: a tabbata an kunna mitar kafin mota ta tashi. Idan direba ya ce ta lalace, a daidaita kuɗi tun ana tsaye, ko a sauka a tari wata, don ciniki bayan an iso rigima ce kawai. Na biyu motar da ake kira ta waya, irin su Uber, wadda ke nuna kuɗi tun kafin a hau. Ga mai tafiya da dattijuwa marar lafiya, ita ce ta fi sauƙi. Sai dai lambar motocin Masar da alƙaluman Larabci ake rubuta ta. Wanda ya yi makarantar allo ya san su daga shafukan Alƙur'ani, amma cikin sauri ido kan ruɗe: biyar, ٥, tana kama da sifirin boko, shida, ٦, tana kama da bakwai, sifiri kuma ɗigo ne kawai. A gwada lambar da ke waya da ta jikin mota kafin a buɗe ƙofa.

Na uku jirgin ƙarƙashin ƙasa, metro, wanda ya fara aiki a 1987. Tashar Dokki tana kan layi na biyu, kuma a tashar Sadat, ƙarƙashin Dandalin Tahrir, ake sauyawa zuwa layi na ɗaya. Kuɗin tikiti ya danganta da yawan tashoshin da za a wuce, kuma a riƙe tikitin har a fita. A tsakiyar kowane jirgi akwai taragon mata zalla. Mace na iya shiga kowane tarago, namiji kuwa ba ya shiga nasu. Metro ya fi komai araha, ya fi komai sauri idan tituna sun cushe, amma da safe da yamma cunkoson cikinsa ba na marar lafiya ba ne.

Ɓangaren lambobin gaggawa shi ne wanda bai cika tsufa ba. A Masar 122 'yan sanda ne, 123 motar ɗaukar marasa lafiya, 180 'yan kwana-kwana, 126 kuma 'yan sandan da aka keɓe don masu yawon buɗe ido. Ɗan Nijeriya ya lura: 122 a gida lambar hukumar kiyaye haɗurra ce, a can kuwa ofishin 'yan sanda za ta kai shi. Mai ɗaukar wayar yawanci da Larabci zai amsa, saboda haka idan abin ya faru a cikin otal, a fara kiran teburin karɓar baƙi su yi magana a madadinka. Idan a waje ne, a miƙa wayar ga mai shago ko wani da ke kusa. Cunkoson Alƙahira kan jinkirta motar asibiti, shi ya sa nake ganin katin da bai rubuta sunan asibiti mafi kusa ba bai cika ba. Mai jinya ya ƙara da hannunsa lambar likitan da ke duba su da ta ofishin jakadancin ƙasarsa.

Shawarwarin kiyaye kai gajeru ne. A bar fasfo a akwatin ajiya na otal a riƙa yawo da kwafinsa, a sha ruwan roba, kada a ɗauki hoton sojoji, 'yan sanda ko gine-ginensu. Wadda aka fi rainawa ita ce ta ƙetare titi, ga shi kuwa motoci ba su cika tsaya wa mai ƙafa ba. A tsaya gefen 'yan gari, a taka tare da su, ba gudu ba ja da baya.

Sai tukwici, wanda Misirawa ke kira baƙshish, kuma nan ne baƙo ya fi shiga ruɗani. A wurinmu tukwici abu ne na ganin dama. A can ya zama wani ɓangare na abin da ƙananan ma'aikata ke rayuwa da shi: mai ɗaukar kaya, mai gyaran ɗaki, mai kula da bayan gida, mai tsaron takalma a masallatan tarihi. Takardar kuɗin gidan abinci ita ce ke yawan yaudarar mutane. A ce an ci abincin fam 1,000. A yawancin manyan wurare za a ɗora kashi 12 cikin ɗari na hidima, ya zama 1,120, sannan harajin kashi 14 a kan jimillar, abin ya kai kusan fam 1,277. Baƙo sai ya ɗauka an riga an sallami yaron da ya kawo abinci. Kuɗin hidimar nan asusun gidan yake shiga, ba lallai ya kai hannun yaron ba, don haka akan ba shi kashi 5 zuwa 10 a hannu, wato fam 50 zuwa 100. Direban tasi kuwa ba ya jiran kaso. Cika masa canji ya wadatar. Wanda ya nuna maka hanya don Allah, ko jami'in da ke bakin aikinsa, ba a miƙa masa kuɗi. Kuma tun ranar farko a nemi ƙananan takardun kuɗi, domin mai babbar takarda kaɗai ko ya ba da fiye da kima ko ya wuce da kunya.

Wannan ɓangaren da na kuɗin mota su ne ke saurin tsufa. A watan Maris na 2024 fam ɗin Masar ya faɗi daga kusan 31 a kan dala zuwa kusan 50 cikin yini ɗaya. Katin da aka buga kafin lokacin, duk adadin kuɗin da ke jikinsa ya zama tarihi, wanda ya bi shi kuma zai ba mai ɗaukar kaya abin da ba zai sayi shayi ba. Shi ya sa katin da ya faɗi kaso cikin ɗari ya fi wanda ya faɗi adadi ƙarko. A duba ko akwai ranar bugawa a ƙasansa. In babu, ko ta yi nisa, a tambayi mai karɓar baƙi farashin yau, a gyara da biro.

Kafin ka taka ƙofar otal a rana ta farko, ɗauki hoton katin a waya, ka sa shi kansa a aljihu, ka karɓi wani ka ba duk wanda kuke tare, musamman dattijo ko yaro.