Yadda ake yanka wa zinariya farashin wata shida nan gaba

A manyan kasuwannin zinariya, irin na Landan da New York, mutum biyu kan ƙulla ciniki yau amma su ajiye bayarwa da biya sai bayan wata uku ko shida. Yau ake yanka farashin, a rubuta shi, ranar da wa'adi ya cika kuwa babu mai ja da baya, ko kasuwa ta hau ko ta faɗi. Wannan shi ake kira farashin gaba. Mutane da yawa in sun ga ya ɗara farashin yau sai su ce ai masana sun hango zinariya za ta yi tsada. Ba haka ba ne. Babu hange a cikinsa ko kaɗan. Lissafi ne na abin da zai ci mutum idan ya sayi kayan yau ya riƙe su har ranar bayarwa.

Zinariya ta dace da wannan bayani domin ba ta haihuwa. Gida yana kawo kuɗin haya, hannun jarin kamfani yakan kawo rabon riba, amma oza ɗaya ta zinariya, wato giram 31 da ɗan ɗoriya, in ka kulle ta shekara guda oza ɗaya za ka tarar. Saboda haka mai riƙe da ita babu abin da ke shigo masa. Abin da ke fita kawai zai ƙirga, babbansu kuwa shi ne kuɗin da ya nutsa a ciki.

A ce oza tana dala 2,000 yau, kuɗin ruwa a banki kuma kashi 5 cikin ɗari ne a shekara. Wani maƙerin zinariya ya je wurin dillali ya ce yana son oza ɗaya nan da wata shida, a faɗa masa farashi yanzu. Dillalin ba sai ya san inda kasuwa za ta dosa ba. Zai ranto dala 2,000, ya sayi ozar yau ɗin nan, ya jefa ta ma'ajiya. Bayan wata shida banki na bin sa uwar kuɗi da ruwan rabin shekara, dala 50. In dai maƙerin zai biya 2,050, dillali ya fita ba ci ba asara. A rubuce ga yadda yake:

```
F = S × (1 + r × T)
F = 2000 × (1 + 0.05 × 0.5) = 2050
```

S farashin yau ne, r kuɗin ruwa na shekara, T tsawon wa'adi a ma'aunin shekara, F kuma farashin gaba. Littattafan jami'a sun fi son rubuta shi da ruwan da ke hauhawa kowane lokaci, F = S × e^(rT), wanda a nan zai ba da dala 2,050.63. Bambancin bai kai dala ɗaya ba, tunanin kuma ɗaya ne. Ko da kuɗin aljihunsa dillalin ya saya, lissafin bai sauya ba, domin dala 50 ɗin da zai samu da ya ajiye kuɗin a banki ta wuce shi.

To me zai hana dillali ya ce 2,100? Kasuwa ce za ta hana shi. Duk wanda ya ga ana sayen zinariyar wata shida a 2,100 zai ci bashin 2,000, ya sayi oza, ya sayar da ita gaba a wannan farashi. Ranar bayarwa ya miƙa kaya, ya karɓi 2,100, ya biya banki 2,050, ya soke dala 50 a aljihu, alhali bai sa ko sisinsa ba. A kasuwar COMEX ta New York kwantiragi ɗaya oza 100 ne, kenan dala 5,000 a kan kowane ɗaya. Irin wannan garaɓasa ba ta kwana. Manyan bankuna za su yi mata rubdugu, sayensu ya ɗaga farashin yau, sayarwarsu ta danne na gaba, har giɓin ya koma dala 50.

In kuma farashin gaba ya yi ƙasa, a ce 2,000 daidai da na yau, sai a juya dabarar. Wanda ke da zinariya a ajiye ya sayar da ita yau, ya sa kuɗin a banki, ya kuma ƙulla sayen oza a 2,000 nan da wata shida. Wa'adi na cika yana da 2,050, ya biya 2,000, zinariyarsa ta dawo, ga dala 50 a sama. Wannan ɓangaren ya fi wuya a aikace, domin sai mai zinariya a hannu, ko wanda zai iya aro ta, aron kuwa ba kyauta ba ne.

A lura cewa a duk wannan ba a tambayi ra'ayin kowa ba. Wanda ya rantse zinariya za ta kai 3,000 da wanda ya ce za ta faɗo 1,500, dole su haɗu a kan 2,050. Mai ganin za ta hau sai ya je ya saya yau, sayensa ya bayyana a farashin yau, na gaba kuma ya biyo shi a baya.

Mai karatu Musulmi zai riga ya ɗaga gira, kuma da gaskiyarsa. Lissafin kacokan a kan kuɗin ruwa ya tsaya, sannan a fiƙihu musayar zinariya da kuɗi hannu da hannu ake yi. Bayanin yadda waɗancan kasuwanni ke aiki ake yi a nan, hukuncin shiga cikinsu na malamai ne.

A zahiri lambar ba ta tsayawa cak a wuri guda. Ma'ajiya da inshora suna cin wani abu, ko da kaɗan ne a kan zinariya, kuma ana ɗora shi a kan lissafin. Sannan ruwan da banki ke karɓa ya fi wanda yake bayarwa. In ana ranta maka a kashi 6 amma ana biyan ajiyarka kashi 4, dabara ta farko ba ta da riba sai farashin gaba ya haura 2,060, ta biyu kuma sai ya sauko ƙasa da 2,040. Tsakanin nan farashi na iya yawo babu mai taɓa shi. Kuma kada a ɗauki wannan lissafi a ɗora shi haka nan a kan masarar Dawanau. Masara tana cin kuɗin sito da magani, ƙwari suna rage ta, ga sabon girbi na tafe, kuma mai injin niƙa ba zai sayar da tasa don ribar takarda ya bar injinsa a tsaye ba.

Sharaɗin da aka fi mantawa da shi shi ne a iya kai kayan inda aka yi alkawari. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta tsananta, jiragen fasinja da aka saba ɗora wa zinariya suka daina tashi, manyan matatun zinariya na kudancin Suwizalan kuma aka rufe su na ɗan lokaci. Landan tana ciniki da sanduna masu oza 400, New York kuwa masu oza 100 ta saba karɓa, don haka sai an narka an sake zubi kafin a kai. Nan take farashin gaba a New York ya tsere wa farashin Landan da dala gommai a kowace oza, abin da kuɗin ruwa na lokacin, da ya kusa sifiri, ba zai taɓa bayyanawa ba. Kowa na ganin ribar a kan allo, amma babu jirgi, babu matata. Masu kasuwar New York suka fito da sabon kwantiragi mai karɓar manyan sanduna, matatu suka koma aiki, aka yi ta jigilar zinariya zuwa Amurka har da jiragen haya, sannan giɓin ya riƙa tsukewa a watannin da suka biyo baya.