Hoton fasfo a Tamale: abin da ake faɗa da abin da yake gaskiya

A shagunan masu hoto da kafe-kafe na Tamale, daga Aboabo zuwa Sakasaka da Hausa Zongo, akwai maganganu da ake maimaitawa game da hoton takardun shaida har sun zama kamar doka. Wasu gaskiya ne, wasu sun taɓa zama gaskiya lokaci ya wuce su, wasu kuma ba su da tushe ko kaɗan. Wanda ya fi shan wahalarsu shi ne mai neman biza, domin ofisoshin jakadanci suna Akra, tafiyar wajen kilomita 600, kuma ba ƙaramin abu ba ne a ce maka hotonka bai yi ba bayan ka isa.

Bari mu fara da mai sauƙi. Ana cewa duk wata takardar shaida sai ka je da hotonka a hannu. Ba haka ba ne. Ghana Card, wanda hukumar NIA ke bayarwa, a wurin rajista ake ɗaukar hoton mutum da na'urar hukumar, tare da zanen yatsunsa. Haka katin zaɓe yake. Fasfon Ghana ma, bayan ka cike fom a intanet, sai ka je cibiyar fasfo, akwai ta a nan Tamale, a ɗauki hotonka da yatsunka a can. Inda yankan hoto ke zama aikinka kai da kanka shi ne fom ɗin biza, da fom ɗin makaranta ko na aiki da ake turawa ta intanet.

Maganar da ta fi kowace yaɗuwa ita ce, hoton fasfo girmansa ɗaya ne, in ka wanke guda takwas sun ishe ka ko'ina. Wannan kuskure ne, kuma shi ne tushen yawancin matsalar. Akwai manyan ma'aunai biyu da mutanenmu suka fi cin karo da su. Ƙasashen Turai na yankin Schengen da Birtaniya suna amfani da faɗin milimita 35 da tsawon milimita 45. Amurka kuwa inci 2 ta kowane gefe take so, wato kusan milimita 51, faɗi da tsawo daidai wa daida. Bambancin bai tsaya ga takardar ba, ya shafi girman kai a cikinta. A hoton Schengen, daga haɓa zuwa saman kai ana son milimita 32 zuwa 36, kai ya kusa cika hoton. A na Amurka milimita 25 zuwa 35 ne a cikin 51, saboda haka kafaɗu da farin bango suna fitowa sosai. Birtaniya, duk da takardarta ɗaya da ta Schengen, milimita 29 zuwa 34 take nema.

Daga nan sai wata dabara da yaran kafe suka ƙware a kai: in kana da hoton 35 da 45, kawai a buɗe Resize a rubuta 600 da 600, ya zama na Amurka. Kwamfuta ba za ta yi gardama ba, lambobin za su fito daidai, amma fuskar ba taka ba ce kuma. Hoton 35 da 45 rabonsa 7 ne bisa 9. In aka tilasta masa ya zama mai gefe daidai, faɗin fuska zai ƙaru da kusan kashi 29 cikin ɗari idan aka gwada da tsawonta. Siririn mutum sai ya fito da kumatu kamar an hura masa iska. Hanyar ganewa ba wuya: ka dubi ƙwayar ido ko maɓallin riga, in abin da ya kamata ya zama da'ira ya koma mai siffar ƙwai, an ja hoton. Crop yana cire gefuna ya bar fuska yadda take, Resize yana rage ko ƙara girman hoton gaba ɗaya. Ana fara yanka a kan rabon da ake so, sannan a rage girma, kuma a bar makullin da ke haɗa faɗi da tsawo a kulle.

Ga yadda aikin yake in an bi shi dalla-dalla. Mu ɗauka wata ɗaliba a jami'ar UDS za ta cike fom ɗin DS-160 na bizar Amurka. Ƙa'idar hoton ita ce: gefe daidai, fiksel 600 da 600 mafi ƙaranci, 1200 da 1200 mafi yawa, nau'in JPEG, nauyinsa kada ya wuce kilobait 240, an ɗauke shi cikin wata shida da suka wuce. Kai ya ci kashi 50 zuwa 69 na tsawon hoton, idanu kuma su faɗo tsakanin kashi 56 da 69 in aka auno daga ƙasa.

Ƙawarta ta tsaya nesa da ita kamar mita ɗaya da rabi ta ɗauke ta a jikin farin bango, wayar ta ba da hoto mai faɗin fiksel 3000 da tsawon 4000. Abu na farko ba yanka ba ne, awo ne. Aka auna daga haɓa zuwa saman kai aka sami fiksel 900. Tunda an ba da tazara daga 50 zuwa 69, hankali shi ne a nufi tsakiya, a ce kashi 60, don ko hannu ya ɗan goce ba a fita daga ƙa'ida ba. In 900 shi ne kashi 60, cikakken tsawon zai zama 1500. Sai a zaɓi 1:1 a cikin Crop, a ja akwatin har ya zama 1500 ta kowane gefe. Sauran aikin shi ne inda za a ajiye akwatin. A bar fiksel 150 tsakanin saman kai da bakin hoton, hanci kuma ya zauna a tsakiyar faɗi. Idanun mutum suna kusan tsakiyar kansa, wato 450 daga sama, don haka za su kasance 600 daga bakin sama, 900 daga ƙasa. Kashi 60 ke nan, ya shiga ƙa'ida. Yanzu ne za a rage 1500 ya koma 600. Kan zai koma fiksel 360, kuma in aka wanke shi a inci 2, zai auna milimita 30 da rabi.

To, in gobe ta buƙaci na Schengen fa? A nan wasu masu hoto ke sa almakashi su datse gefunan wancan hoton ya koma 35 da 45. Takardar za ta yi daidai, amma kan yana nan a milimita 30 da rabi, bai kai 32 ba. Dole a koma ga hoton asali. A wannan karon ana son kai ya ci kashi 75, saboda haka 900 zai ba da tsawon 1200, faɗin kuma 933, wato bakwai bisa tara na 1200. Hoto guda, yanka biyu daban. Shi ya sa nake ganin abu mafi amfani da za ka karɓa daga hannun mai hoto ba takardun da ya wanke ba ne, hoton asali ne wanda ba a taɓa ba.

Wannan ya kawo mu ga batun WhatsApp, kuma a nan masu cewa yana lalata hoto suna da gaskiya. In aka turo maka hoto yadda aka saba, manhajar tana matse shi ta rage masa fiksel da kyau. Ka ce a turo shi a matsayin Document, ko ta waya da kebul. In hoton ya riga ya ƙanƙance, a ce bayan yanka ya tsaya a 400 da 400, ƙara shi zuwa 600 ba zai dawo da abin da ya ɓace ba. Gefen fuska zai yi dishi-dishi, in ka zuƙo shi ka ga ƙananan akwatuna a kusa da ido da leɓe. Sake ɗauka ya fi.

Akwai kuma masu cewa tunda an ce kada ya wuce kilobait 240, gara a matse shi ya koma 20 a huta. A'a. Ƙa'idar Amurka ta kuma ce matsewar kada ta wuce ninki 20, kuma ga hoton 600 da 600 wannan na nufin kada ya sauka ƙasa da wajen kilobait 54. Ko'ina tsakanin 100 da 200 ba ka da fargaba.

Maganar da ta fi tayar wa mata hankali, musamman in lokacin shirin aikin hajji ko neman karatu a waje ya zo, ita ce wai sai an cire hijabi ko an fito da kunnuwa. A ƙa'idar Amurka da ta Birtaniya da ta Schengen, an yarda da rufe kai saboda addini. Sharaɗin shi ne fuska ta fito duka, daga haɓa zuwa goshi, da gefunanta biyu, kuma mayafin kada ya jefa inuwa. Shawarata ita ce kada a sa farin hijabi a jikin farin bango, domin bakin kai yana ɓacewa, mai yanka ya rasa inda zai fara awo. Batun tabarau kuwa gaskiya ne: Amurka ta hana shi a hoton biza tun ranar 1 ga Nuwamba 2016, sai dai mai dalilin rashin lafiya da takardar likita. Manhajojin da ke goge bango su shafa fari, ko su gyara fata ta yi sumul, su ma a kiyaye su, domin an hana hoton da aka sauya kamanninsa da kwamfuta. Suna barin alama a gefen gashi da kafaɗa, layi mai kaifi wanda ba a ganin irinsa a hoton gaske.

Sai abin da yanka ba ya iya gyarawa. Wanda ya miƙa hannu ya ɗauki kansa, kyamara ta yi kusa, hanci ya yi girma kunnuwa su noƙe, kuma galibi kafaɗa ɗaya ta ɗaga. Ba awon da zai daidaita wannan. Haka in mai ɗauka ya matso har kai ya cika hoton: a misalinmu na sama, da kan ya auna 2200, ko an ɗauki duk faɗin 3000 ɗin zai ci kashi 73, ya wuce iyakar Amurka, kuma babu sauran gefen da za a ƙaro.

Kada kuma a ɗauka kowane fom yana son ka yanka. Mai neman fasfon Birtaniya ta intanet, kamar 'ya'yan mutanenmu da aka haifa a can, an ce masa ne ƙarara kada ya yanke hoton, ya turo shi da kai da kafaɗu da saman jiki, faɗinsa aƙalla fiksel 600, tsawonsa 750, tsarin zai yanka da kansa. Wanda ya kai aikin kafe aka yi masa yankan 35 da 45 saboda sabo, hotonsa na iya dawowa don ya matse da yawa.