Sunan Abinci a Hoton Takardar Gidan Abinci: Inda Bayani Ya Fi Fassara

Matafiyin da ya shiga gidan abinci a ƙasar da ba ya jin harshenta, kamar ɗan kasuwar Kano ko na Maradi da ya je sayen kaya a birnin Guangzhou na kudancin ƙasar Sin, yakan ɗauki hoton takardar jerin abinci da wayarsa, sannan ko dai ya aika wa wanda ya iya harshen, ko kuma ya bar manhajar fassara ta karanta masa. Wannan dabara tana aiki sosai idan sunan abincin siffa ce ta abin da ke cikin kwano, wato idan ya ambaci nama ko ganye da yadda aka dafa shi, domin a irin wannan hali juya kalmomin ɗaya bayan ɗaya ya wadatar. Matsala tana tasowa ne idan sunan laƙabi ne da aka raɗa wa abincin saboda kamanninsa, ko tarihinsa, ko wanda ya fara sayar da shi, domin a nan kalmomin suna iya fitowa daidai a fassara, amma mai karatu ya tashi da fahimtar da ba ta da alaƙa da abin da za a kawo masa. Bahaushe ya san irin wannan a gidansa, tunda baƙon da aka fassara wa ɗanwake a matsayin ɗan da wake ya haifa bai ƙaru da komai ba, sai an gaya masa cewa ƙulli ne na garin wake da na rogo da kuka da kanwa, wanda ake dafawa a tafasasshen ruwa a ci da mai da yaji.

Girkin ƙasar Sin ya tara irin waɗannan laƙubba da yawa, shi ya sa ya dace a yi nazarin matsalar a kansa. Misalin da ya fi shahara shi ne abincin da ake rubutawa 夫妻肺片, ake kuma furtawa fuqi feipian, wanda haruffansa huɗu ke nufin miji, mata, huhu da yanka, ta yadda fassarar kalma da kalma take ba da yankakken huhun miji da mata. Asalin sunan ya koma ga birnin Chengdu na lardin Sichuan a shekarun 1930, inda wasu ma'aurata, Guo Zhaohua da Zhang Tianzheng, suka yi suna wajen sayar da kayan cikin saniya a titi, har mutane suka laƙaba wa abincin sunan miji da mata. Abin da ake kawowa a yau shi ne tsokar naman sa da harshe da tumbi, wani lokaci da zuciya, waɗanda aka dafa aka bari suka huce, aka yanka su siriri, aka kwarara musu jan man barkono tare da dakakkiyar gyaɗa, kuma galibi babu huhu a ciki ko kaɗan. Saboda haka fassarar ta gaza ta fuska biyu, domin ta tsorata mai karatu da abin da ba ya cikin kwanon, kuma ta ɓoye masa abubuwa uku da yake bukatar sani: cewa abincin mai sanyi ne, cewa yana da yaji ƙwarai, da cewa akwai gyaɗa a ciki, wadda ke da haɗari ga mutanen da jikinsu ba ya karɓarta.

Gajeren bayanin da ya kamata a rubuta a ƙarƙashin irin wannan suna ba ya bukatar wuce layi ɗaya ko biyu, amma akwai tsarin da yake bi. Ana barin sunan asali yadda yake, da haruffansa da lafazinsa, domin da shi ne matafiyin zai nuna wa ma'aikacin gidan abin da yake so, kuma ma'aikacin ba zai gane sunan da aka ƙirƙira da Hausa ba. Daga nan sai a faɗi babban abin da aka yi abincin da shi, sai yadda aka sarrafa shi, sai ɗanɗanonsa, sai kuma duk wani abin da ke ɓoye wanda addini ko lafiya ke iya hana wani cinsa. Idan aka bi wannan tsari, bayanin fuqi feipian zai zama naman sa da harshe da tumbi, dafaffe, yankakke siriri, ana ci da sanyi cikin man barkono mai zafi, da gyaɗa a kai. Labarin ma'auratan Chengdu yana da daɗin ji, amma wurinsa yana bayan wannan layi, domin mai jin yunwa da ke riƙe da waya yana neman yanke shawara ne cikin minti ɗaya. Hukumomin birnin Beijing sun bi hanya mai kama da wannan gabanin wasannin Olamfik na 2008, lokacin da suka fitar da littafin sunayen abinci da Turanci ga otel-otel da gidajen abinci, inda aka maye gurbin huhun miji da mata da siffar naman sa da tumbi a cikin miyar barkono.

Sashen bayanin da ya fi nauyi ga matafiyi Musulmi shi ne na abin da sunan bai ambata ba, kuma a nan ne fassarar kalma da kalma take yin illa ta gaske. A Sinanci, harafin 肉 yana nufin nama, amma idan ya zo shi kaɗai a takardar abinci ba tare da sunan dabba a gabansa ba, abin da ake nufi kusan kullum shi ne naman alade, domin shi ne naman yau da kullum ga mafi yawan jama'ar ƙasar. Naman sa ana rubuta shi 牛肉, na rago ko akuya 羊肉, na kaza 鸡肉. Don haka abincin da ake kira 鱼香肉丝, wanda fassararsa ta zahiri take nufin siraran nama mai ƙamshin kifi, yana yaudarar mai karatu sau biyu, domin babu kifi a cikinsa, kuma naman na alade ne. Kalmar ƙamshin kifi suna ne na wani haɗin kayan miya na Sichuan, wanda ya ƙunshi barkono mai tsami da tafarnuwa da citta da albasa mai lawashi da sukari da ruwan tsami, irin haɗin da aka saba dafa kifi da shi. Mutumin da ya zaɓi wannan abinci yana zaton ya fake da kifi don guje wa haram ya faɗa cikin ainihin abin da yake gudu, alhali babu kalma ɗaya da aka fassara masa ba daidai ba.

Haka lamarin yake ga 蚂蚁上树, wato tururuwa na hawa bishiya, wanda siririyar taliya ce ta sitaci da niƙaƙƙen nama ke maƙalewa a jikinta kamar tururuwa a reshe, kuma naman yawanci na alade ne. Shi kuwa 麻婆豆腐, wanda aka raɗa wa sunan wata dattijuwa mai zanen agana a fuska da ta riƙa sayar da shi a Chengdu a ƙarni na 19, awara ce mai laushi cikin miyar yaji, da wani ɗan itacen ƙamshi ɗan uwan fasa-ƙwari da ke sa harshe ya yi nauyi. Wanda ya ga kalmar awara zai iya ɗauka cewa abinci ne marar nama, amma ana zuba masa niƙaƙƙen naman sa ko na alade gwargwadon al'adar gidan. Akwai kuma 田鸡, kazar gona, wanda kwaɗo ne.

Hoton kansa yana da nasa tarko, dabam da na harshe. Idan takardar mai sheƙi ce hasken fitila ya faɗa a kanta, ko an rubuta ta da hannu a allo, ko an jera haruffan daga sama zuwa ƙasa, mai karantawa na iya haɗa rabin sunan wani abinci da rabin na maƙwabcinsa, kuma ɓatan harafi ɗaya ya isa ya sauya ma'ana gaba ɗaya, kamar yadda 田鸡 zai koma kaza zalla idan harafin farko ya faɗa wajen hoton, ko 牛肉 ya koma naman da ba a faɗi dabbarsa ba. Saboda wannan ne ake so a ɗauki shafin gaba ɗaya tukuna, domin kan sashe yana nuna ko abincin yana cikin masu sanyi ne ko miya ko kayan ruwa, sannan a matso a ɗauki sunan da ake so shi kaɗai tare da farashinsa. Gefen farashi ma yana bukatar bayani, musamman a kan kifi, domin harafin 斤 ma'auni ne na giram 500, kuma kuɗin da aka rubuta na kowane rabin kilo ne, ta yadda kifi mai nauyin kilo ɗaya da rabi zai ci ninki uku na abin da ido ya gani. Alamar da ke nuna cewa fassara ta kauce ita ce a ga sunan da ba shi da ma'ana a matsayin abinci, ko wanda ya saɓa wa hoton kwanon da ke kusa da shi, kuma duk lokacin da aka ga haka, abin yi shi ne a nemi sunan asali gaba ɗayansa a matsayin suna guda maimakon a rarraba haruffansa.

Bayani mai kyau yana da iyaka, kuma mai bayar da shi ya kamata ya nuna iyakar a cikin kalmominsa. Abin da sunan yake bayyanawa shi ne yadda aka saba yin abincin, amma ba ya tabbatar da abin da wannan gida ya zuba a tukunyarsa a wannan rana. Soyayyen yalo mai laƙabin ƙamshin kifi, 鱼香茄子, ba ya ɗauke da kifi a girkin Sichuan, amma a gidajen abincin Guangzhou sau da yawa ana sa masa busasshen kifi mai gishiri da niƙaƙƙen naman alade. Man alade, 猪油, da giyar girki, 料酒, ba su cika bayyana a suna ko a hoto ba, ko da a abincin ganye ne. Shi ya sa kalmar yawanci take da muhimmanci a cikin bayanin, kuma mai fassarar da ya cire ta don ya gajarta ya ba da tabbacin da ba shi da ikon bayarwa. Ga wanda batun halal ya dame shi, abin dubawa yana kan ƙofar gidan kafin takardar, wato haruffan 清真 da gidajen abincin Musulmi ke rubutawa, irin shagunan taliya da naman sa na salon Lanzhou da ake samu a kusan kowane babban birni na ƙasar, har da unguwar Xiaobei ta Guangzhou inda 'yan kasuwar Afirka suka fi sauka.