Lissafin Dijkstra: Yadda Kwamfuta ke Nemo Hanya Mafi Kusa, da Abin da ke Ruɗa Ta

A shekarar 1956, wani matashi ɗan ƙasar Holan mai suna Edsger Dijkstra yana neman aikin da zai nuna wa jama'a bajintar sabuwar kwamfutar cibiyarsu ta lissafi a Amsterdam. Sai ya zaɓi tambayar da kowa zai gane: wace hanya ce ta fi kusa daga Rotterdam zuwa Groningen? Shi da bakinsa ya ce cikin kamar minti ashirin ya warware ta, yana zaune a wani shagon shan kofi, ba biro ba takarda. Ya wallafa dabarar a 1959, kuma har yau da ita na'urorin intanet da yawa ke zaɓar hanyar da saƙo zai bi.

Kwamfuta ba ta ganin taswira yadda mu ke gani. Abin da ake ba ta shi ne jerin garuruwa, da hanyoyin da suka haɗa su, kowace hanya da lambarta. Lambar na iya zama kilomita, ko mintina, ko kuɗin mai. Mu kira ta tsada. Ga garuruwa biyar, muna son tashi daga A mu isa E:

```
A-B 5   A-C 1   C-B 2
B-D 1   C-D 5   D-E 3
```

Kayan aikinmu shi ne layin fifiko. Ba irin layin da wanda ya riga zuwa ke riga shiga ba ne. Ya fi kama da ɗakin gaggawa na asibiti, inda ake fara duba wanda ya fi jin jiki ko da yanzu aka shigo da shi. A nan, garin da lambarsa ta fi ƙanƙanta shi ake fara cirowa. Duk garin da aka ciro, sai a rufe shi, ma'ana lambarsa ta tabbata, sannan a duba ko bi ta cikinsa zai rage wa maƙwabtansa nisa.

Mun fara da A, lambarsa 0. Muka ciro shi, muka saka B da 5 da C da 1 a layi. C ne mafi ƙanƙanta, sai muka ciro shi muka rufe. Daga C zuwa B akwai 2, a haɗa da 1 ya zama 3, ya fi 5 sauƙi, don haka B ya sake shiga layi da 3. D kuma ya shiga da 6. Lura cewa B ya bayyana sau biyu a layin yanzu, da 3 da kuma 5. Wannan ba kuskure ba ne. Lalubo tsohuwar lamba a goge ta yana da wahala, shi ya sa yawancin masu rubuta manhaja, misali masu amfani da `heapq` na Python, suke barin ta a ciki.

Sai B ya fito da 3, aka rufe shi. Daga nan zuwa D akwai 1, jimilla 4, ta kayar da 6. D ya fito da 4, ya saka E da 7. Bayansa tsohon B mai 5 ya fito, muka ga an riga an rufe shi, muka yar. Haka tsohon D mai 6. Daga ƙarshe E ya fito da 7. Da yake duk sanda lambar gari ta sauya mukan rubuta garin da aka fito, sai mu bi sawu da baya: E daga D, D daga B, B daga C, C daga A. Hanyar da ta ratsa duka garuruwan ita ce ta fi kusa, ga shi kuwa hanyar A zuwa B ta kai tsaye ko taka ta ba a yi ba.

To, me ya ba mu ikon rufe B da 3, alhali ba mu gama zagaya taswirar ba? Nan ne gaɓar maganar. A lokacin da B ya fito, duk abin da ya rage a layi bai gaza 3 ba. Duk wata hanya dabam da za ta kai B tilas ta ratsa ɗaya daga cikin garuruwan da ba a rufe ba, kuma kafin ta iso can ta riga ta ci 3 ko fiye. Daga nan kuwa tafiya sai dai ta ƙara tsada. Hujjar ke nan gaba ɗayanta, kuma a kan sharaɗi guda ta tsaya: kada a sami hanyar da tsadarta ta yi ƙasa da sifili.

Mai karatu zai ce ina aka taɓa ganin irin wannan hanya. A kilomita babu. Amma idan cajin batir ake lissafawa, motar lantarki da ke gangarowa daga tsauni tana iya ƙara caji maimakon ta ci. Ga misali, kowace hanya a nan zuwa ce kawai, ba dawowa:

```
A->B 2   A->C 5
C->B -4  B->D 1
```

A ya fito, ya saka B da 2, C da 5. B ya fito aka rufe shi da 2, ya saka D da 3, shi ma aka rufe. Sai C ya fito da 5, aka tarar daga nan zuwa B ragi ne na 4, wato ana iya isa B da 1. Amma bakin alƙalami ya bushe. B ya zauna a 2 maimakon 1, D kuma da ya gaji lambarsa daga B ya zauna a 3 maimakon 2. Abin da ya fi muni, manhajar ba za ta tsaya ko ta yi gargaɗi ba, amsa za ta miƙo kamar kullum. Ana gane ɓarnar ta hanyar bin kowace hanya bayan an gama: lambar mafari a haɗa da tsadar hanyar bai kamata ta gaza lambar garin da aka nufa ba. A nan 5 a cire 4 saura 1, B kuwa an rubuta masa 2.

Dabarar da ke fara zuwa wa ɗalibai ita ce a ƙara 4 a kan kowace hanya don a kawar da ragin. Ba ta fisshe su. A zuwa B zai koma 6, A zuwa C zuwa B kuma 9 da 0, wato 9. Hanya mai zango biyu ta ɗauki ƙarin sau biyu, mai zango ɗaya sau ɗaya, sai mai nasara ta sauya. Wasu kuma sukan bari a sake buɗe garin da aka rufe. Wannan yana gyara misalinmu, sai dai a wasu taswirori aikin yakan yi ta ninkuwa har saurin da ake taƙama da shi ya tafi. Idan kuwa akwai zagayen da jimillarsa ta yi ƙasa da sifili, babu ma amsa, domin kowane kewayo yana ƙara rage tsada, layin ba zai taɓa ƙarewa ba.

Maganin da aka sani shi ne lissafin Bellman da Ford, wanda shi ma a shekarun 1950 aka fito da shi. Ba ya rufe kowa. Yana bin dukkan hanyoyi yana gyara lambobi, ya maimaita sau adadin garuruwa ba ɗaya, wato sau uku a misalinmu mai gari huɗu. Idan aka ƙara zagaye ɗaya wata lamba ta sake raguwa, to akwai mugun zagayen nan. Ya fi na Dijkstra nawa nesa ba kusa ba, musamman a babbar taswira. Saboda haka kafin ka zaɓa, duba tsadar hanyoyinka tukuna: in babu wadda ta gaza sifili, ɗauki na Dijkstra, in akwai ko da guda ɗaya, koma ga Bellman da Ford.