Raunin Mazakuta: Kafin Ka Nemi Maganin Ƙarfin Maza

A kasuwar Mont-Bouët ta Libreville, wani abokin sana'ata ɗan shekara 48 ya ja ni gefe, ya ce: "Alhaji, wata shida ke nan gabana ba ya miƙewa sosai." Ya sha gagai, ya sayi ƙwayoyi a tebur, shiru. Da ya je asibiti aka auna jininsa, ashe ciwon suga ne.

Jini ne ke miƙar da gaba. Jijiyoyin wurin sirara ne, shi ya sa suga, hawan jini da taba sukan fara lalata su kafin na zuciya.

Ga alama guda. In kana tashi da asuba a miƙe, amma a gaban iyali abin ya ƙi, galibi damuwa ce: bashi, kuɗin katin zama, ko fargabar kasawa bayan doguwar rabuwa da gida. In kuwa ƙarfin na raguwa sannu a hankali har na asuba ya ɓace, jiki ne.

Matsalar ta kai wata 3? Ga likita, a auna suga da hawan jini. Mai shan maganin ciwon ƙirji irin nitroglycerin kada ya kuskura ya haɗa da Viagra, jini kan faɗi warwas.