Mutum Nawa Za a Gwada? Lissafin da Ke Gaba da Binciken Asibiti

Duk wanda ya saba duba kundayen binciken ɗaliban likitanci a Najeriya zai lura da wata lamba da ke yawan fitowa: 384. Bincike kan hawan jini, mutum 384. Kan ƙarancin jini ga masu juna biyu, mutum 384. Kan shan magani ba tare da ganin likita ba, nan ma 384. Lambar tana da asali a lissafi, kuma a wurin da ta dace daidai take. Sai dai da yawa kwafo ta ake yi daga kundin wani, ba tare da an san inda ta fito ba, kuma a nan masu jarrabawa suke kama ɗalibi.

A ɗauka wata likita a babban asibiti a Kano tana son sanin kashi nawa cikin ɗari na matan da ke zuwa awon ciki ke ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Tambayar tana da amfani, domin uwa na iya sa wa jaririnta ƙwayar lokacin haihuwa, kuma rigakafin da ake yi wa jariri cikin awa 24 na farko yana rage haɗarin sosai. Ba za ta iya gwada kowace mace ba, saboda kayan gwaji da kuɗi ake saye, lokaci kuma ƙayyadadde ne. Dole ta ɗebi samfur, kamar yadda mai sayen hatsi a Dawanau kan tsikari buhu ya duba abin da ya zubo a tafin hannunsa, ya yanke hukunci kan sauran. Idan matan da ta ɗiba sun yi kaɗan, amsar ba za ta zama abin dogaro ba. Idan sun yi yawa fiye da kima, ta soki mata da allura ba dalili, ta kuma ƙarar da kuɗin a banza. Shi ya sa kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti yake son ganin lissafin kafin ya ba da izini.

Ƙa'idar da ake amfani da ita an fi danganta ta ga William Cochran, wanda littafinsa kan dabarun ɗibar samfur ya fito a 1953. A kundayen Najeriya za a ga wasu na kiran ta da sunan Leslie Kish, wasu da sunan Fisher, amma lissafin ɗaya ne:

```
n = Z² × p × (1 − p) / d²
```

Harafin n shi ne yawan mutanen da za a gwada. Z yana tsaye ne a kan irin tabbacin da ake nema, kuma kusan kowa kan ɗauki tabbaci na kashi 95 cikin ɗari, wanda ke ba da 1.96. Wannan ba ya jawo gardama. Harafin p shi ne hasashen yawan masu cutar tun kafin a fara, d kuma shi ne gwargwadon kuskuren da mai bincike ya yarda amsarsa ta yi, sama ko ƙasa. Waɗannan biyun mai bincike ne ke zaɓen su da kansa, don haka su ne zai kare.

Idan ba a san komai kan cutar ba, sai a sa p ya zama rabi, wato 0.5, domin shi ke ba da adadi mafi girma. A haɗa shi da kuskuren kashi 5, lissafi ya ba da 384.16. Ga asalin 384 ɗin nan. A ƙa'ida ma 385 ya kamata a rubuta, tunda sama ake cikawa, ba ƙasa ba.

Ita wannan likita ba a cikin duhu take ba. Binciken ƙasa da aka yi gida-gida a 2018, wanda aka fi sani da NAIIS, ya gano kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ƙwayar. Tana iya ɗaukar wannan a matsayin p, amma sai ta faɗi gaskiyar abin: adadin na maza da mata ne a faɗin ƙasa, ba na masu zuwa awo a Kano ba, kuma a wancan binciken cutar ta fi yawa a maza. Da za ta sami bincike na kwanan nan da aka yi a kan masu juna biyu a asibiti irin nata, da irin gwajin da za ta yi, shi ya fi cancanta. Idan kuma ta sami biyu ko uku da suka saɓa, sai ta ɗauki wanda ya fi kusa da kashi 50, don kada samfurin ya gaza. Wasu kan yi akasin haka da gangan, su zaƙulo mafi ƙanƙanta don aiki ya yi sauƙi, kuma gogaggen malami yakan gane.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wajen d. Idan ta bi al'ada ta sa kashi 5, lissafin zai ba ta mace 115. Abin zai yi daɗin ji, wata guda ko biyu an gama. Amma amsar da za ta samu za ta kasance tsakanin kusan kashi 3 zuwa kashi 13. Shugaban asibitin da ke son sanin yawan kayan gwaji da maganin da zai tanada ba zai ƙaru da komai ba, domin mace uku cikin ɗari da mace goma sha uku cikin ɗari ba shiri ɗaya suke buƙata ba. Kashi 5 ya dace da cutar da ta kama kashi 40 ko 50 na mutane. Ga cutar da ba ta kai kashi 10 ba, shawarar da masana suka saba bayarwa ita ce kada d ya wuce rabin p.

Cuta mai karya garkuwar jiki ta fi nuna ɓarnar a fili. Wancan binciken na 2018 ya sami kashi 1.4 a tsakanin manya. Wanda ya sa wannan adadi da kuskuren kashi 5 zai sami mutum 22 kacal. A mutum 22 kuwa, sau bakwai cikin goma ba zai ci karo da ko mutum ɗaya mai ƙwayar ba, sai ya rubuta sifili. Na'ura ba za ta yi masa gargaɗi ba, abin da aka ba ta shi take lissafawa.

To, likitar ta zaɓi kashi 3. Lissafin ya zama 3.8416 sau 0.081 sau 0.919, a raba da 0.0009, ya ba da 317.7, wato mace 318. Da ta matsa zuwa kashi 2, da sai mace 715. Saboda d ninka kansa ake yi a ƙasan lissafin, duk wanda ya rage kuskure da rabi ya ninka aikinsa sau huɗu. A nan buri da aljihu suke zama su sasanta, kuma ba laifi ba ne a rubuta cewa kashi 3 ne abin da kuɗi da lokaci za su iya ɗauka, muddin amsar za ta yi amfani.

Ƙa'idar Cochran tana ɗauka cewa jama'ar da ake ɗiba daga cikinsu ba su da iyaka. Asibiti kuwa yana da rajista. A ce littafin awo ya nuna sababbin mata kusan 1,200 ne ke yin rajista cikin wata shida, tsawon lokacin binciken. Akwai gyara na irin wannan hali:

```
n₁ = n / (1 + (n − 1) / N)
```

Da N a matsayin 1,200, mace 318 ta sauko zuwa 252. Ragin yana da sharaɗi. Wanda ya yi shi ya amince cewa maganarsa ta tsaya kan waɗannan mata 1,200 na wannan asibiti a wannan wata shida. Idan a babin ƙarshe zai ce ga halin da masu juna biyu na jihar Kano suke ciki, to bai cancanci ragin ba. Ko ba ragin ma, masu zuwa babban asibiti ba su wakiltar matan karkara da ba su taɓa zuwa awo ba, kuma yawan samfur ba ya gyara wannan.

Saura waɗanda ba za a samu ba. Wata za ta ce sai ta tambayi maigida, ba za ta dawo ba. Wata jininta zai lalace kafin ya isa ɗakin gwaji. Idan ana sa ran rasa kashi 10, sai a raba 252 da 0.9, a sami 280. Mutane da yawa kan ƙara kashi 10 a kai kawai. A kashi 10 bambancin ɗan kaɗan ne, amma idan asarar ta kai kashi 20, mai ƙari zai nemi mace 303 ya tashi da 242, goma ƙasa da buƙata, alhali mai rabawa zai nemi 315 ya tashi da 252 cif.

Yadda za a zaɓo matan shi ma ɓangare ne na hujjar, domin ƙa'idar ta ginu ne a kan cewa kowace mace tana da dama daidai da 'yar'uwarta. Raba 1,200 da 280 yana ba da huɗu da 'yan kai, saboda haka likitar za ta jefa ƙuri'a tsakanin ɗaya zuwa huɗu don samun ta farko, daga nan ta riƙa ɗaukar kowace ta huɗu a rajista. Idan ta bar wa ma'aikaciyar jinya ta turo mata waɗanda suka yi sammako, ko waɗanda idonsu ya yi shawara, lissafin da ta sha wahala a kai ya rushe. Da binciken ya haɗa asibitoci da dama, akan ninka adadin, sau da yawa da 1.5 ko 2, saboda matan asibiti ɗaya sun fi kama da juna.

A sashen hanyoyin bincike duk wannan bai wuce sakin layi ɗaya ba. Jagorar STROBE ta 2007, wadda mujallun likitanci da yawa ke bi, a abu na goma ta nemi a bayyana yadda aka kai ga yawan samfur. Likitar za ta rubuta cewa ta yi amfani da ƙa'idar ƙiyasta kaso ɗaya, da tabbacin kashi 95. Ta ɗauki kashi 8.1 daga binciken ƙasa na 2018 saboda kaza. Ta zaɓi kuskuren kashi 3 domin cutar ba ta kai kashi 10 ba, abin da ya ba da 318. Ta rage zuwa 252 bisa rajistar mata 1,200. Ta kai shi 280 don asarar kashi 10. Ta kuma ɗauki kowace mace ta huɗu. Idan da manhaja ta yi, kamar StatCalc na cikin Epi Info ko OpenEpi, sai ta faɗi sunanta. Ma'aunin kyan sakin layin shi ne mai karatu ya ɗauki kalkuleta ya bi lambobin ya iso 280.

Masu tantance maƙala kan juya zuwa shafin sakamako su gwada alkawari da abin da aka cika. A ce an gwada mace 252, aka sami 21 da ƙwayar, wato kashi 8.3. Da gyaran rajista, iyakar amsar za ta kama daga kusan 5.3 zuwa 11.4, kashi 3 sama da ƙasa kamar yadda aka tsara. Yawancin manhajoji ba sa yin wannan gyara sai an umarce su, don haka za su nuna kusan 4.9 zuwa 11.7. Likitar da ta ga haka a allo sai ta zaɓi ɗaya, ta kuma rubuta a ƙarƙashin jadawalin wanne ta bayar.